Wane suna za mu sa ma man gujiyarmu na kwalba?

Uwar Tagwaye: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Shawara nike nema. Mu mata ne nan Tawa muna matsar man gujiya, da can cikin bido muke zuba shi ko tsohin gorunan ruwa, mai saye ya zo da abin zuba nashi. Yanzu mun samu gorunan roba sababbi na lita guda da na rabin lita masu marhi da hatimi, muna son mu liƙa etiket mu kai butik-butik har Yamai in Allah ya yarda. Mai buga etiket ɗin ya ce ba ya buga ƙasa ga 5000, kenan in munka yi kuskuren suna mun shiga ukku. Sunayen da munka tara su ne Albarka, Tsantsa, Man Adar, Kaka, da Zabo. Kuma muna son ɗan kirari gajere da za a rubuta ƙasan sunan. Don Allah kowa ya hwaɗi abin da ya gani.

Autan Gida: Wa alaikumus salam Tanti. Ni dai Kaka ta yi min, kaka lokacin girbin gujiya, kaka kuma tsohuwa mai iya miya, suna guda ya ɗauki biyu. A zana tsohuwa da ludayi a gama.

Malamar Lakwal: Auta tsaya. Da Hausa Kaka ta yi kyau ƙwarai, amma kun ce Yamai za ku kai shi ko? Duk yaron da ya taka lakwal ya san abin da kaka take nufi da Faransanci, kashi ne, kashin yara ma. Ranar da kwalbar nan ta hau kanta a Yamai ɗalibaina za su ɗauki hotonta su yi ta yawo da shi ana dariya. Abin ci ne fa Hajiya, a cire wannan tun yanzu.

Autan Gida: Innalillahi 😂 wallahi ban kawo ba. A cire a cire.

Mai Butik Wadata: Hajiya ni mai butik ne kusa da kasuwar Wadata a Yamai, bari in gaya miki yadda ake sayen mai a gabana kullum. Uwar gida ba ita ke zuwa ba, yaro ake aikowa, ɗan shekara bakwai ko takwas da kuɗi a dunƙule cikin hannu, an gaya mishi suna tun daga gida ya taho yana maimaitawa a hanya. In sunan ya yi tsawo ko ya yi kama da wani, kafin ya iso ya ɓata, sai ya ce min a ba shi mai kawai, ni kuma wanda ya fi kusa da hannuna zan miƙa mishi. Ki duba Dinor, ki duba Maggi, ki duba Omo, gaɓa biyu ne duk, yaro ba ya mantawa. Na biyu kuma, ba wanda zai kira sunan shi kaɗai, kowa man kaza zai ce. To ku ɗauki kowane suna ku sa man a gabanshi ku faɗa da ƙarfi ku ji. Man Zabo. Kun ji ko? Kamar man shanu, mutum zai ɗauka kitsen zabo ne aka narke.

Uwar Tagwaye: Kai Alhaji ka kashe mini Zabo, ni ce ma na kawo shi don hoton zabo na da kyau bisa kwalba, wadda ba ta karatu sai ta ce a ba ni mai zabo.

Mai Butik Wadata: Tunanin hoton daidai ne Hajiya, kar ki yar da shi, da yawa masu sayayya hoto suke kira ba rubutu ba, mai zakara, mai tauraro, mai jan marfi. Abin da za a zana ne dai kar ya zama abin da ake ci ko ake fidda mai daga jikinshi. Zabo, kaza, rago, saniya, dabino, riɗi, duk sun faɗi.

Ɗan Konni: Ni ban ga abin wahala ba, ku sa Albarka ku huta. Bahaushe ya san ta, Bazabarme ya san ta, Bafillace da Ba'abzine duk sun san ta, kuma suna ne mai kyau ga addini. Mi ya hi wannan?

Hajiyar Yamai: Ƙanena abin da ya sa kake son ta shi ne matsalarta. Ka zagaya Yamai ka ƙirga Albarka nawa za ka gani, gidan burodi, tela, ruwan leda, motar haya, famasi. Ni na yi wannan da yajina, Alheri na sa mishi, ina cikin sayarwa lafiya sai ga wani yaji shi ma Alheri, leda kusan iri ɗaya, nashi gishiri ya yi yawa, mutane suna kirana a waya suna faɗa wai na lalata kaya. Na je wurin mutumin ya ce min Hajiya alheri na Allah ne ba naki ba ne. Me zan ce mishi? Dole na canza leda da suna na koma farawa.

Ɗan Konni: To ai da kin yi takarda da ba ya iya taɓa ki. Duk wanda ya yi rajista ya samu RCCM da NIF sunan ya zama nashi, ko kotu anka je shi ka cin nasara.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana ka faɗi rabi ka bar rabi. RCCM da NIF takardun kasuwanci ne da na haraji, suna nuna cewa ku ƴan kasuwa ne da hukuma ta sani, amma ba su ne ke ba ku mallakar sunan da ke jikin kwalba ba. Wannan aikin OAPI ne, hukumar da ke Yawunde a Kamaru, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, Nijar na ciki tare da wasu ƙasashe, duka 17. Ba sai kun je Kamaru ba, akwai ofishin da ke wakiltarta a Yamai ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, can ake ajiye dosiye. An raba kaya aji-aji, man girki yana aji na 29, tare da su nama da madara da kifin gwangwani. In an karɓa, sunan naku ne shekara 10, kuna sabuntawa in ta cika, kuma ajiya ɗaya ta rufe duk ƙasashen, Benin, Burkina, Mali, Cadi, Togo da sauransu. Abin da nake so Hajiya ta riƙe shi ne wanda ya riga ajiye dosiye shi ke da suna, ba wanda ya riga sayarwa ba. Saboda haka kafin ku ba mai bugu ko dala, ku zaɓi suna biyu ko uku ku kai a bincika muku ko wani ya riga ku a aji na 29. Suna irin Albarka ni da wuya in yarda ba wanda ya taɓa shi cikin ƙasa 17.

Uwar Tagwaye: Na gode Baba, Allah shi ƙara girma. To Tsantsa hwa? Don mu gaskiya abin da muke taƙama da shi kenan, ba mu gauraya shi da komi, gujiya ce zalla.

Tsohon Ma'aikaci: Tsantsa bayani ne ba suna ba. Duk mai matsar gujiya da bai gauraya ba yana da ikon rubuta tsantsa a kwalbarshi, hukuma ba ta ba mutum ɗaya kalmar da ke faɗin irin kayan ko ingancinsu ya hana sauran. Ko kun yi dabara kun shigar da ita tare da zane, zanen ne zai zama naku, kalmar ta kowa ce. Ku rubuta ta a ƙasa, man gujiya tsantsa, da Faransancinta kusa da ita, amma babban sunan da ke sama ya zama abin da bai da alaƙa kai tsaye da mai. Man Adar ma kusan haka yake, Adar ƙasa ce ta dukan Adarawa, gobe wata ƙungiya a Keita ko Buza ko Illela ta matsa nata ba ku da bakin hana ta cewa na Adar ne. Sunan wuri yana da tashi hanyar daban, irin wadda aka bi aka kare albasar Galmi da kilishin Nijar, wannan kuma na dukan masu sana'ar ne a haɗe. Sannan in tambaye ki tsakani da Allah, gujiyar daga ina kuke sayenta?

Uwar Tagwaye: Da kaka muna samu wajen Madawa da Konni, in ta yi wuya daga Maradi ake kawo muna buhu-buhu.

Tsohon Ma'aikaci: To kin gani, rabin shekara man Adar ɗin gujiyar Katsinar Maradi ce da Gobir. Sunan da ke iya ruɗin mai saye kan asalin kaya shi ma ana ƙin shi. Ku rubuta an yi a Tawa wurin adireshi, wannan gaskiya ce kullum.

Baƙon Gari: Salam, don Allah injin matsar nawa kuka saye shi kuma a ina, ni ma ina so in fara, sannan tunkuzar kuna sayarwa?

Autan Gida: Yaya suna ake nema ba inji ba 😂

Uwar Tagwaye: Ba mu da injin matsa tukuna, niƙa kawai muke kaiwa inji, matsa da hannu ce. Tunkuza ƙuli-ƙuli muke yi da ita ba ta saura. To jama'a sunayena biyar duk sun mutu, ku kawo naku.

Malamar Lakwal: Gimbiya. Ko Ƙamshi. Ko Ɗanɗano.

Mai Zane: Malama ni aikina kenan zanen etiket da allunan shaguna, bari in faɗi abin da ke ba mu wahala a nan Nijar wanda ƴan Najeriya ba su da shi. Mu rubutu biyu muke da shi a kai, na Hausa da na Faransanci, kuma mafi yawan masu karatu da idon Faransanci suke karanta duk abin da suka gani. Ki rubuta Gimbiya su ce Jimbiya, sai kin rubuta Guimbia, shi kuma wanda ya yi yaƙi da jahilci da Hausa ya ga wani abu daban. Ƙamshi wani zai rubuta Kamchi wani Kamshi, sai ya zama kuna da suna biyu, mai neman ku a waya bai san wanne zai buga ba. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ, yawancin haruffan ado da muke aiki da su ba su da masu lanƙwasa, in na tura wa mai bugu sai su fito akwati-akwati ko ya maida su k da d bai gaya wa kowa ba. Shawarata babban sunan ya zama ba u, ba c, ba sh, ba gi ko ge, ba s ɗaya tsakanin wasula, ba harafi mai lanƙwasa. Wanda duk idon da ya karanta shi abu ɗaya zai fito a baki. A kirarin ƙasa za a iya sa masu lanƙwasa, wannan ni zan zaɓi harafin da ke da su in duba gwajin bugu da idona.

Malamar Lakwal: Ni wannan ba ta yi min daɗi ba gaskiya. Kullum haka ake gudun haruffanmu sai ka ce abin kunya ne, in ƴan kasuwa ba su sa su a kaya ba yaushe yara za su saba ganinsu? Ga shi yanzu ana ta maganar ɗaga harsunan ƙasa.

Mai Zane: Ina tare da ke Malama wallahi, amma etiket 5000 na kuɗin matan nan ne, ba zan yi gwaji da su ba. Kirarin zan rubuta shi da cikakkiyar Hausa, ƙugiya da komai.

Mai Ƙosai: Ina wuninku. Ni Kasko na gani, gajere ne, ba ƙugiya, ana zana shi, kuma duk mai suya ta san shi. A rubuta ƙasa, kasko ya shaida.

Autan Gida: Kai wannan kirarin ya zauna Inna!

Mai Butik Wadata: Kirarin ya yi, sunan ne zan sa ma man a gaba. Man kasko. A wurina wannan man da aka riga aka yi suya da shi ne aka juye, irin wanda ake sayarwa da araha ya yi baƙi. Ban ce kowa zai ji haka ba amma ni shi ya fara zo min.

Mai Ƙosai: Haba Alhaji, kai komi sai ka samo mishi aibi. Amma dai gaskiya mu ma haka muke ce ma ragowar.

Ɗan Konni: To a sa Inna mana, kowa na son man Inna.

Hajiyar Yamai: Da shan inna a bakin mutane? A'a ƙanena. Kuma wallahi duk wanda ya san bori a ƙasar Adar da Arewa ya san wace ce Inna, wasu malamai ba za su bari ya shiga gidansu ba.

Mai Zane: Ga biyu da suka wuce gwajina. Damana, da Malfa. Damana gaɓa uku ce amma duk wasalin a ne a cikinsu, tana gudu a baki, kuma tana kawo kore da ruwa da gona a zuciya. Malfa gaɓa biyu, hular kabar nan ta manoma da makiyaya, zanenta da launi ɗaya ma yana fita, daga nesa ana gane ta a kan kanta, wadda ba ta karatu ta ce mai malfa. Alhaji sa musu man ɗinka mu ji.

Mai Butik Wadata: Man Damana. Man Malfa. To ba wanda zai ce daga hula aka matso shi dai 😂 Duka biyu sun wuce a wurina. Malfa ta fi sauƙi ga yaro, Damana ta fi daɗin ji ga babba.

Mai Ƙosai: Ni Damana ban so ta ba, ku tambayi duk mai suya. Man kirki da kaka yake fitowa lokacin sabuwar gujiya. Da damana gujiya ta tsufa ta yi tsada, wadda ba a ajiye da kyau ba ta sha raɓa ta yi hunhuna, man ya riƙa ɗaci yana kama maƙoshi. Wato mu a wurinmu man damana shi ne wanda ake ƙi.

Malamar Lakwal: Inna wannan ku masu sana'a ne kuka san shi, matar ma'aikaci da ke ɗaukar kwalba a kanti a Plato ba za ta yi wannan lissafin ba, ita damana alheri ce kawai. Ni abin da na gani a Malfa shi ne farkonta, mal da Faransanci mugun abu ne, wani zai ce mal fe, wato ba a yi shi da kyau ba.

Autan Gida: Malama in haka ne Malam ma sai a canza mishi suna, da Mali gaba ɗaya.

Malamar Lakwal: Ɗan banza 😂 na dai faɗa ne, bai kai na Kaka ba ko kusa.

Tsohon Ma'aikaci: Damana kuma akwai gari mai wannan suna wajen Filinge, ku sa shi cikin lissafi, ba lalle ya hana ba tunda ba a san garin da mai ba, amma masu bincike za su gaya muku. Malfa ba ta faɗin komai game da mai, kuma irin wannan sunan shi ya fi ƙarfi a takarda. In za ku ajiye, ku ajiye kalmar tare da zanen hular yadda za ta fito a kwalba. Kuma kar Mai Zane ya sa muku ɗan ® ɗin nan don ado kafin takarda ta fito, alamar cewa an yi rajista ce.

Mai Zane: Na ji Baba, mutane ne ke matsa mana wai yana sa kaya su yi kama da na waje.

Ɗan Konni: Baba tambaya, in sun yi takardar nan ni in ɗauki katan in ƙetara Illela ta Najeriya in kai Sakkwato, ta rufe can?

Tsohon Ma'aikaci: Ba ta rufe ba, Najeriya ba ta cikin OAPI, nata rajistar daban take a Abuja, kuma abin ci na kwalba a can sai da lambar NAFDAC. Sannan can gyaɗa suke cewa a yawancin wurare. Ku fara cin kasuwar gida tukuna.

Uwar Tagwaye: Ai Sakkwatawa gujiya suka cewa kamar mu Baba. Amma mu bar Najeriya yanzu. Ku taimaka da kirarin, wata cikinmu ta ce a rubuta babu kolestarol, yana maganin hawan jini, wai shi mutanen birni ka so.

Hajiyar Yamai: Babu kolestarol ɗin ai kowa na rubutawa, ku ma ku sa.

Tsohon Ma'aikaci: Gaskiya ne babu, amma babu shi a man ja ma, babu a man auduga, babu a na waken soya, duk man da ya fito daga tsiro haka yake, a kitsen dabba ake samunshi. Kenan bai raba ku da kowa ba. Maganin hawan jini kuwa kar ku kuskura, kun maida abinci magani, wani ya ajiye ƙwayoyinshi ya kama shan mai, alhakin na wuyanku, hukuma ma za ta iya kwashe kayan. Haka nan tambarin ENRICHI da kuke gani a jikin man manyan kamfanoni, na wanda aka ƙara wa bitamin A ne, in ba ku ƙara ba kar a kwaikwayo shi.

Autan Gida: To ga nawa, ba ya barci ba ya kumfa.

Mai Ƙosai: Auta ka taɓa suya kuwa? Man gujiya na hannu in sabo ne bai kwanta ba yana kumfa, saboda ruwan zafin da ake zubawa wurin matsa da ɗan gari-garin da ke biyo shi. Sai an dafa shi ruwan ya ƙone, an bar shi ya kwana biyu ya kwanta, an tace da ƙyalle mai kyau. Ranar da aka yi gaggawa kwalba guda ta yi kumfa a kaskon wata, ta karanta ba ya kumfa a jiki, shikenan kun zama maƙaryata a unguwar. Barci kuma, gaskiya ne na bido mai ja-ja ɗin nan da ake kawowa daga waje ya fi saurin barci da ɗari, amma na gujiya ma ki sa shi a firigo ki gani, yana yin hazo ya yi kauri. Kar a rubuta abin da firigo zai ƙaryata.

Mai Butik Wadata: Inna ta gama magana. Ni abin da na lura, mai sayen man gujiya ya san ya fi na bido tsada, ya kuma yarda ya biya, don abu ɗaya, ƙamshi. Da can buɗe bido suke su shinshina ko su ɗiga a bayan hannu. Yanzu kun rufe da hatimi ba hanci, to kirarin ne zai yi aikin hancin. Ku yi magana kan ƙamshi ku bar sauran.

Malamar Lakwal: Ƙamshi tun daga zaure.

Autan Gida: Shikenan Malama ta biya bashin mal fe. Malfa, ƙamshi tun daga zaure. Har na ji shi a rediyo.

Hajiyar Yamai: Ya yi daɗi amma gidajen Yamai nawa ke da zaure yanzu, get ne da garaji. Ni nawa shi ne, ko ba nama miya ta yi. Wannan kowace mace ta san zafinshi a wannan tsadar.

Mai Ƙosai: Hajiya naki ya taɓa zuciya amma irin maganar masu dunƙulen miya ce, in aka ji shi a rediyo ba a ga kwalba ba za a ce tallar magi ce. Na Malama ko ba a ce mai ba an san ana soya wani abu cikin gida. Zaure kuma ko wanda ya tashi a bene ya san shi, gidan kakanshi akwai.

Ɗan Konni: A haɗa su mana duka biyu, ƙamshi tun daga zaure ko ba nama miya ta yi.

Mai Zane: A'a don Allah. Gaban kwalbar rabin lita bai fi tafin hannu ba, a ciki zan sa suna, hula, man gujiya tsantsa da harshe biyu, yawan lita. Baya kuma ranar yi, ranar lalacewa, lambar zubi, adireshi da waya. Kalma huɗu ko biyar ita ce iyaka in ana so a karanta daga bayan kanta. Na Malama huɗu ne, ya shiga layi ɗaya.

Tsohon Ma'aikaci: Kafin ku rufe, Hajiya akwai abin da kika faɗa ɗazu da ya tsaya min, kin ce ba ku da injin matsa tukuna. Wato kuna shirin saye. Ƙamshin nan da za ku yi kirari da shi daga suyar gujiya yake zuwa kafin a niƙa. Masu inji da yawa ɗanya suke zubawa ko su ɗan ɗumama ta kawai don sauri, man ya fito fari-fari, ƙamshinshi kaɗan, wani ma da ɗan gafi. In za ku koma haka bayan wata shida to kirarin ya tashi daga gaskiya alhali etiket dubu uku na nan a ɗaki. Ku yanke tun yau, ko da inji za ku ci gaba da soyawa ko a'a.

Uwar Tagwaye: Baba wannan ita ce gardamar da muke yi tsakaninmu ma. Suya na cin itace da lokaci, kuma in wuta ta yi yawa man ya yi duhu, ƴan Yamai kuma an ce mai haske suka so cikin kwalba. Amma ni ina bayan suya, in munka bar ta mi ya raba mu da na kanti? Kuma ƙuli-ƙulinmu ma sai da ita.

Hajiyar Yamai: Masu son fari suna da nasu da yawa a kanti, ku tsaya a ruwan zuma-zumar nan taku, shi muke nema ba mu samu.

Mai Butik Wadata: Ga abin da zan ba da shawara kafin 5000 ɗin. Mai Zane ya fidda muku kaɗan a takarda mai gam irin ta injin ofis, 12 Malfa 12 Damana, mai ɗaya kuɗi ɗaya kirari ɗaya. Ki aiko min rabi ta motar Tawa in jera su gefe da gefe, rabi ki ba wani mai butik a nan wurinku. Ba wanda aka fara ɗauka zan duba ba, wanda aka dawo aka kira da sunanshi zan duba, musamman in yaro aka aiko. Sati biyu ko uku ya isa lita ta ƙare a gidan da ake girki.

Tsohon Ma'aikaci: Gwajin ya yi, amma ni da za a bi tawa a fara kai sunayen bincike, in hali ya yi a ajiye dosiye, sannan a fito da su kanta. Wadata kasuwa ce, ido da yawa, wani ya ga hular ta yi kyau ya riga ku.

Mai Butik Wadata: Baba kwalba goma sha biyu a butik ɗina wa zai sace? Kuma ajiye suna biyu kuɗi biyu ne, matan nan ba su da shi, gara su san wanda ya ci sannan su biya na ɗaya.

Tsohon Ma'aikaci: Ajiya daban bincike daban Alhaji. Binciken dai a yi shi ga duka biyun tun yanzu, kar yara su saba da Malfa a zo a tarar tana da mai ita.

Uwar Tagwaye: To na ji duka. Jibi muna da taron mata, zan kai musu Malfa da Damana da kirarin Malama, da maganar suya. Na san shugabarmu za ta tsaya kan Albarka don ita ta kawo shi, sai in karanta mata labarin yajin Hajiya. Mai Zane zan kira ka da marece, hular kuma irin tamu ta nan za ka zana mai jan fata a tsakiya, kar ka ɗauko ta Sinawa a waya. Baba in ka samu lambar ofishin nan na Yamai ka turo mini ta gefe.

Baƙon Gari: To ni har yanzu ba wanda ya gaya min kuɗin injin.